Auta da Surkin Ruwan Wankan Yaya

A wurin aiki Hannun Ƙarfe ake ce masa, amma a gida Auta ne, kuma bai taɓa samun ƙarin girma daga nan ba. Ya yi furfura, ya aurar da ’ya’ya, ya ɗauki jikoki, duk da haka in yayarsa ta buɗe baki ta ce "Auta!" sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya amsa.

Rayuwarsa ta aiki kaf a ƙarƙashin wani babban asibiti ya yi ta, a sashen wanki, shi ke kula da tukunyar tururin da ke ba injinan ruwan zafi. Ɗaki ne marar taga, bututai sun bi ta sama sun bi ta ƙasa. A sama ana haihuwa ana mutuwa, shi dai abin da ya sani zanen gado ya sauko da datti ya koma fari. Yawan murɗa makunnan ƙarfe masu zafi ya sa tafin hannunsa ya yi kanta kamar ƙasan takalmi, har ya daina jin zafi da shi. A gida ma an ci moriyar wannan. Matarsa ba ta neman tsumma in za ta sauke tukunya, kiransa kawai take yi. Jikoki kan ba shi kofin shayi ya riƙe musu har ya huce, shi kuma sai ya riƙe, yana sauraron rediyo.

Da ya yi ritaya abokan aiki suka haɗu suka ba shi kyautar dogon ma’aunin zafi na gilashi a cikin akwatin katako, irin wanda ke aunawa tun daga ƙanƙara har tafasa. Ya yi godiya, ya kai gida, ya rasa abin da zai auna. Ya auna shayinsa. Ya auna miya sau ɗaya, matarsa ta kore shi daga kicin.

Ana cikin haka Yaya ta dawo gidan da zama. Mijinta ya rasu, ɗanta yana aiki a nesa, ga ciwon suga ga sanyin ƙashi. Mace ce mai jiki, mai murya, wadda ta goya Auta yana jariri kuma ba ta bari kowa ya manta. Matar Auta kuwa har yau Amarya take ce mata, ko da yake amaryar ta zama kaka tuntuni.

Likita ya duba ƙafafun Yaya, ya tsikare su da wani siririn abu, ta ce ita ba ta ji komai ba. Ya tsikari yatsun hannu, ta ce sai ka ce ana taɓa na wani. Ya ce ta riƙa ɗan zama cikin ruwan ɗumi don gaɓoɓi su saki, amma a yi hattara, mai irin wannan ciwon yana iya ƙonewa bai sani ba. "Digiri talatin da takwas," ya ce wa Auta. "Kada ya wuce. Kuma kada a bar ta ta gwada da kanta."

Auta ya ji kamar an mayar da shi bakin aiki.

Gidansu a hawa na biyu yake, saman shagon wani tela. A banɗakin akwai tsohon bahon ƙarfe mai ƙafafu huɗu wanda suka tarar tun da suka tare, suka mayar da shi ma’ajiyar tsofaffin kwanuka. Famfon banɗakin ya daɗe da mutuwa. Ruwa daga baƙin tankin da ke kan rufi yake saukowa zuwa famfon kicin, daga nan sai bokiti. Ruwan zafi kuma sai an ɗora babbar tukunya a kan gas.

Ranar farko matarsa ce ta surka, yadda ta saba surka wa jarirai. Ta zuba, ta juya, ta tsoma gwiwar hannu, ta ce, "Ya yi, Yaya."

Yaya ta shiga, ta zauna, ta dubi silin. "Amarya, wannan kika ce ya yi?"

"Ya yi mana."

"Bayana yana ji, ai ba duka jikin ne ya mutu ba. Ruwan nan ko kifi aka saka zai nemi bargo. Dama na san gas ɗin ake jin ƙyashi."

Matar Auta ta fito. Ta tarar da mijinta a falo, ta ɗaga masa gwiwar hannunta kamar mai nuna wa alƙali rauni. "Baban yara, ka ga wannan? Da ita na yi wa ’ya’yanka duka wanka, ba wanda ya ƙone, ba wanda ya yi mura. Daga yau ita ma ta yi ritaya. Zan riƙe Yaya ta shiga, zan cuɗa mata baya, zan fito da ita. Amma in na ƙara faɗin ruwa ya yi ko bai yi ba, ka canza mini suna." Washegari ta sayo safar hannu ta roba, irin mai kauri da ke kaiwa har damtse.

Haka gidan ya koma: mai wankan ba ta ji, mai surkin ba ya ji, mai ji kuma ta rantse.

Auta ya fito da ma’auninsa. Da farko cewa ya yi abu ne mai sauƙi, a zuba a auna. Ya zuba zafi, ya wuce. Ya ƙara sanyi, ya faɗi ƙasa. Ya koma ya ɗora tukunya, kafin ta tafasa na bahon ya ƙara hucewa, da ya zuba kuma hannunsa ya yi nauyi. Yana kai-komo tsakanin kicin da banɗaki har baho ya cika taf, lambar kuma ba ta tsaya inda ake so ba. Yaya tana zaune kan kujera a bakin ƙofa, ɗaure da tawul, tana ba shi labarin yadda tun yana ƙarami ba ya iya aike ɗaya daidai.

Da yamma ya zauna a baranda ya tuno yadda suke yi a asibiti in za su cika babban kwamin jiƙa kaya. Ba sa zuba ruwa sai sun san adadi. Zafi ba ya ɓacewa in an haɗa ruwa biyu, wuri yake canzawa: abin da ruwan zafi ya sauke, shi ruwan sanyi ke ɗauka. Da safe ya auna na tanki, ashirin da huɗu. Ya auna tafasasshe bayan an juye a bokiti an kai banɗaki, ya sauka zuwa casa’in da huɗu. Ya kira matarsa don ya samu mai sauraro.

"Maman yara, duba nan. Na sanyi zai hau daga ashirin da huɗu zuwa talatin da takwas. Hawa sha huɗu ke nan."

"To."

"Na zafi zai sauko daga casa’in da huɗu zuwa talatin da takwas. Sauka hamsin da shida. Sha huɗu nawa ne a cikin hamsin da shida?"

"Ni ka tambaya? Ni ai na yi ritaya."

"Huɗu ne. Ashe bokiti ɗaya na zafi zai ɗaga huɗu na sanyi. Biyu na zafi, takwas na sanyi, an gama."

Ya zuba sanyin tukuna, sannan zafin, ya juya da muciya, ya tsoma ma’auni. Ya sa tabarau, ya matso da fuska, don idonsa ya fara yana. Talatin da bakwai saura kaɗan.

Ya sake lissafin a ka, ya sake da yatsu. Daidai ne. Ya tsaya yana kallon bahon kamar wanda ya kama ɓarawo amma bai ga inda ya ɓoye kayan ba. Sai ya dafa gefen ƙarfen da bayan hannu, inda fatar ke ɗan ji, ya ji ya yi ɗumi. Ɗazu da ya shigo sanyi ƙalau yake.

"Kai ne!" ya ce wa bahon.

Ƙarfen ma sai ya sha nasa rabon kafin ya ɗumama. Auta ya juya lissafin ta baya, ya gano abin da bahon ke sha ya yi daidai da na bokiti ɗaya na ruwan sanyi. Saboda haka maganar ita ce biyu na zafi, bakwai na sanyi, baho ya cike na takwas. Ya fito da murna ya sanar wa gida cewa baho bokiti ɗaya ne.

"Baho bokiti ɗaya ne," Yaya ta maimaita. "Amarya, kin ji abin da ritaya ke yi wa mutum? To ni bokiti nawa ce?"

Da Auta mai wayo ne da ya yi dariya ya wuce. Sai ya tsaya yin bayani tsakani da Allah. Ya ce jikin mutum yana wajen talatin da bakwai, ruwan kuma talatin da takwas, tazarar ba ta taka kara ta karya ba, don haka ita ba ta cikin lissafi.

"Ba na cikin lissafi."

"Ta fannin zafi nake nufi, Yaya."

"Baho yana ciki. Ƙarfen da aka tara wa tsofaffin kwanuka yana ciki. Ni da na goya ka, na tauna maka abinci, ba na ciki."

Ta miƙe da fushi, matar Auta ta kama ta suka shiga, aka rufe ƙofa. Bokiti goman nan suna cikin baho tun ɗazu. Yaya ba ta sauka a hankali yadda aka saba ba, zama ta yi gaba ɗaya, zaman mai jin haushi. Auta yana falo ya ji ƙara kamar an kifar da ganga, sai ga ruwa ya fito ta ƙarƙashin ƙofa yana bin tabarma. Daga ciki muryar Yaya ta fito tas: "Auta! Ka saka wannan a lissafin!"

Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa. Tela ne daga ƙasa, tef ɗin awo a wuya, riƙe da rigar wani mutum tana ɗiga. "Baba, sannu da hutawa. Silin ɗina ne ke ruwa, na leƙa waje kuma na ga rana." Ya shafa rigar. "Abin mamaki ma ruwan da ɗuminsa."

"Talatin da bakwai saura kaɗan," Auta ya ce.

Daga ranar aka san bahon yana ɗaukar bokiti tara da Yaya, ba ya ɗaukar goma da Yaya. Abu ya daidaita. Kullum da safe Auta yakan auna tanki, ya auna tukunya, ya yi ’yan ƙunƙuninsa na hawa da sauka, ya zuba, lambar ta tsaya cak. Matsala ɗaya ce ta rage, ita ce waya. Da ya ce "Yaya, bismillah," sai wata ƙawarta ta kira, a hau zancen wanda ya mutu da wanda ya kusa. Kafin a gama ruwa ya sauka talatin da biyar. Sai ya sake lissafi: bokiti tara da baho, goma ke nan, kowanne zai hau uku, talatin jimilla, shi kuma bokitin zafi hamsin da shida yake saukewa, rabinsa ya kusa isa. Ya ƙara rabin, ya juya, ya kwashe rabin don kada Tela ya hawo. Akwai ranar da ya yi haka har tukunya ta ƙare, saboda mamacin ranar mai dangi da yawa ne.

Abin da bai taɓa yarda da shi ba shi ne a zuba tafasasshe tana ciki. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ce ɗan kaɗan ta wajen ƙafa. Ya ce ta wajen ƙafar ce ma ba za a zuba ba. A wannan kaɗai Auta ya taɓa cewa yayarsa a’a, kuma duk lokacin da ya faɗa sai ya koma kicin ya sha ruwa.

Yanar idonsa ta ci gaba da yin kauri har ya koma karanta ma’aunin da gilashin ƙara girma. Daga ƙarshe ’ya’yansa suka matsa aka yi masa aiki a ido ɗaya. Aka rufe idon da bandeji, aka ce kada ya sunkuya, kada ya ɗauki abu mai nauyi, kada ruwa ko tururi su kusanci fuskarsa. Ɗaya idon da ya rage kuwa hazo kawai yake gani. Ranar da suka dawo daga asibiti rana ta riga ta yi tsaka ta karkata, Yaya ba ta yi wankan safe ba, kuma tun daga matattakala suke jin ra’ayinta a kan haka.

Auta ya kwanta a doguwar kujera, akwatin ma’auni a ƙirjinsa, yana cewa bari ya ɗan huta ya tashi. Maganin da aka ba shi ya ɗauke shi.

Matarsa ta dube shi, ta dubi Yaya da tawul. Ta daɗe tana jin ƙarar bokitai, ta haddace ko ba ta so. Bakwai da biyu, mene ne a ciki? Ta ɗora tukunya, ta sa safarta, ta jido bakwai daga famfo, ta juye biyu na zafi, ta ce, "Yaya, ga ruwa." Ba ta ce ya yi ba. Ta kula da wannan sosai.

Abin da ba ta sani ba, baƙin tankin ya wuni a rana. Ruwan da take kira na sanyi ba irin na safe ba ne.

Yaya ta riga ta ɗaga ƙafa ɗaya, tana dafe da kafaɗarta, lokacin da matar Auta ta sunkuya ta ɗauke muciya daga cikin ruwan. Ta cikin robar ta ji wani ɗumi da ba ta saba ji ba. Ta dubi madubi, ya yi gumi ya rufe. Ta dubi ƙafar Yaya a sama, ƙafar da ko allura ba ta ji. Ta fizge safar da haƙori, ta tsoma gwiwar hannu.

"Kada ki shiga!"

"Me kika ce?"

"Na ce bai yi ba! Ya yi zafi!" Ta rungume Yaya ta ƙugu ta ja baya, su biyun suka zauna daɓas a kan kwandon wanki, kwandon ya baje.

Ihun ne ya tashi Auta. Ya miƙe a firgice yana lalube, ya nufi inda yake zaton banɗaki ne, ya buɗe ƙofar kabad ya ce wa riguna, "Kowa ya tsaya!" Matarsa ta fito ta kamo hannunsa, ta zaunar da shi a kan kujerar bakin ƙofa ya ba banɗaki baya, ta karɓi akwatin. Wannan ne karon farko da wani ya taɓa ma’aunin ba shi ba.

"Riƙe ta sama. Kada ki taɓa ƙasan baho. Jira jan layin ya tsaya. Nawa?"

"Arba’in da uku."

Auta ya yi salati. "Nawa kika zuba?"

"Bakwai da biyu, yadda kake yi."

"Auno famfo."

Ta je ta dawo. "Talatin da ɗaya."

"Shi ke nan. Da safe ashirin da huɗu ne. Yau hawa bakwai kawai zai yi, bokiti ɗaya na zafi ya ishi takwas. Kin ba shi ninki biyu."

"To ai sai a ƙara na famfo."

Ya ɗaga yatsu a gaban bandejinsa yana ƙirgawa duk da ba ya ganin su. Goma za su sauka biyar-biyar, hamsin. Na famfo bakwai kawai kowane bokiti zai ɗauka. "Bokiti bakwai ake nema. Ina za ki zuba su? A kan Tela?"

"A jira ya huce mana," in ji matarsa.

Wannan ita ce magana mafi hankali da aka yi a gidan ranar, kuma ba wanda ya saurare ta. Yaya, daga kan ragowar kwandon, ta ce ta jira tun safe, in aka ƙara ce mata ta jira za ta shiga a haka, in ta dahu a sanar da ɗanta wanda ya dafa ta. Auta kuma tunaninsa ya riga ya tafi wani wuri. "Firiji," ya ce. "In ruwan ya fi sanyi, kaɗan zai isa. Auno na firiji."

Takwas ne. Hawa talatin ke nan kowane bokiti, hamsin ake so a ɗauke, bokiti ɗaya da rabi da ɗan ƙari. A firijinsu gora biyu ce kawai, ɗaya ma an sha rabi.

Haka matar Auta ta fita da safa a hannu ɗaya, ɗaya hannun tsirara, tana bin ƙofofin bene tana roƙon ruwan sanyi. Maƙwabciyar da ke fuskantarsu ta tambaya ko wani ne ya suma. Aka ce a’a, wanka za a yi. Ta ce da ruwan firiji? Aka ce ruwan zafi ne ake so. Matar ta ba da gorunanta ba ta ƙara tambaya ba, amma ta biyo baya don ta gani da idonta. Na hawa na uku suka ba da nasu, su ma suka biyo. Tela da ya ji an ambaci baho sai ya kashe keken ɗinki, ya janye kayan mutane daga ƙarƙashin wurin da ya sani, ya hawo da gorunansa a hammata, ya ce shi ba don komai ya zo ba, ƙirga bokiti zai yi.

Falo ya cika. An jera goruna a kan tebur. Wata ta kawo lemon kwalba bisa kuskure, aka mayar mata. Matan suka shiga banɗaki suka lulluɓe Yaya da bargo, ita kuma ta samu sababbin kunnuwa, ta faro labarin Auta tun daga ranar da aka haife shi. Mazan suka tsaya bayan kujerarsa kamar ’yan rakiya.

Matarsa ta kwance murfin gorar farko za ta juye, Auta ya ɗaga hannu. "Tsaya. Sake aunawa."

"Ai na auna."

"Ɗazu kika auna. Ruwa ba ya jiran mutum."

Arba’in da ɗaya. Yawon roƙon da aka yi ya cinye biyu a banza. Matar Auta ta buɗe baki za ta tuna musu wanda ya ce a jira, sai ta ga babu riba, ta rufe. Kafin mijinta ya gama ɗaga yatsu ta riga shi. "Sauka uku sau goma, talatin. Na firijin in har yana takwas zai hau talatin. Bokiti ɗaya ke nan cif."

Ta tsoma ma’aunin a gorar da ta fi raɓa, tana nan a takwas. Auta ya juyo da bandejinsa wajen muryarta. "Wa ya koya miki?"

"Kullum da safe kana yi mini wa’azinsa a kunne, ka zaci bango kake yi wa?"

Aka auna bokiti ɗaya daga gorunan da suka fi sanyi, aka juye, aka juya da muciya sosai har ƙasa. Talatin da takwas. Falon ya ɗauki sowa, har da waɗanda ba su san abin da ake nema ba. Tela kaɗai bai yi murna ba. "Goma ne yanzu," ya ce. "Na ƙirga. Goma ne, Baba." Aka kwashe bokiti ɗaya aka miƙa masa a hannu don hankalinsa ya kwanta. Ya tsaya riƙe da shi bai san inda zai kai ba, daga baya ya sauka da shi shago, aka ce ya zauna ya tsoma ƙafafunsa a ciki yana ɗaura maɓalli.

Aka watse, kowa da ragowar gorarsa, ban da rikicin murafe da ya ɗauki kwanaki ana warwarewa. Yaya ta shiga a hankali. Auta ya kasa kunne daga kujerarsa. Ya ji motsin ruwa.

"Amarya."

"Na’am, Yaya."

"Ashe kina da ƙarfi haka? Kin kusa karya mini ƙugu."

"Ki yi haƙuri."

"Ban ce ki ba ni haƙuri ba. Cuɗa mini nan, ƙasan kafaɗa. Ki cire wannan robar, tana yi mini ƙaiƙayi."

Har idon ya warke, aka yi wa ɗayan ma, surki yana hannun matarsa. Da aka ba shi izinin ɗaukar kaya ya zo karɓar aikinsa, ta ce ta riga ta saba, shi ya riƙa jido ruwa da sauke tukunya. Ta ma fi shi sauri, tana yanka albasa take yin lissafin, sai dai ta ɗaga murya ta ce "ɗaya da rabi yau, tanki ya sha rana," shi kuma ya bi. Bai ji daɗi ba da farko. Ya kai ƙara wurin Yaya, ta ce masa ya bar yarinya ta yi aikinta.

Wata rana da hantsi Yaya ta tsaya kallon wani shiri a talabijin, ta ce yau sai an jima. Ruwa kuwa an riga an surka. Auta ya tsaya a bakin bahon yana kallonsa da sababbin idanunsa, sai ya tuna duk ruwan da ya dafa a duniya bai taɓa zama cikin baho ba. Shi mutumin bokiti da kofi ne, a tsaye, cikin gaggawa. Ya leƙa falo, ya tura ƙofa, ya sa sakata.

Ya shiga kamar mai shiga ofishin manya. Ruwan ya rufe masa gwiwoyi, ya hau ciki, ya tsaya a ƙirji. Bayansa da ya daɗe yana ciwo ya saki. Ya jingina kai da gefen ƙarfen, ya ce bari ya ɗan rufe ido.

Bugun ƙofa ne ya farkar da shi, da sandar Yaya ake yi.

"Wane ne a cikin bahona?"

Ya nutse har wuya, ko za ta zaci ba kowa.

"Auta, ina jin minsharinka tun daga falo!"

"Aiki nake yi, Yaya," ya ce, yana laluben tawul. "Ina duba saurin hucewarsa ne."

Daga kicin ya ji matarsa ta fashe da dariya, sannan ya ji ta kunna gas ta jawo babbar tukunya.